Malamin lesin ya ce mu soke duk zaɓin da ke da "always", yanzu kuma na rikice

'Yar Gwale: Assalamu alaikum, don Allah ku ba ni shawara. Wannan ne karo na biyu da zan zauna JAMB, aikin jinya nake nema. Bara makina bai kai ba, Baba ya ce wannan ce ta ƙarshe, in ban samu ba sai dai in koma shagon ɗinkin yayata, ita kuma ba ma shiri sosai tun lokacin bikinta. Kuɗin lesin ma Mama ce ta ɗauki adashi ta biya. To malaminmu ya ce duk zaɓin da muka ga "always" ko "never" ko "all" a ciki mu soke shi kawai, ƙarya ne. Haka nake yi, amma a gwajin jiya dabarar ta kayar da ni a Bayoloji. In ci gaba da ita ko in bari? Kaina ya ɗaure.

Ɗan Tudun Wada: Ƙanwata, malaminku bai yi ƙarya ba. Masu saita tambaya da waɗannan kalmomin suke ɗana tarko. Za su ce dukkan ƙarafa daskararru ne a zafin ɗaki, alhali zaiba ƙarfe ce kuma ruwa-ruwa take. Ni da ita na yi amfani kuma na ci. Tambaya ɗaya ta kuɓuce miki ai ba komai ba ne.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ki kawo mana tambayar ba. Rubuto ta yadda take, da zaɓin guda huɗu.

'Yar Gwale: Malam, a kan "artery" ce, wai wanne ne gaskiya. A, kullum tana ɗauke da jini mai oksijin. B, kullum tana ɗaukar jini daga zuciya ta fita da shi. C, yawanci tana da 'yan marufai a ciki masu hana jini komawa baya. D, yawanci bangonta ya fi na sauran jijiyoyi siranta. Na soke A da B, na ɗauki C. Wai amsar B ce.

Malamin Bayoloji: B ce kuwa. Dubi A da B da kyau, dukansu suna da "kullum", amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba.

A tana bayanin halin da aka saba ganin jijiyar a ciki ne. Gaskiya ne mafi yawansu jini mai oksijin suke ɗauka, amma akwai wadda ke fita daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu, jininta bai riga ya samu oksijin ba, shi za ta je karɓowa. Ke da ke neman aikin jinya ki ƙara da na igiyar cibiya, masu kai jinin ɗan tayi zuwa mabiyiya. Misali ɗaya tak ya isa ya rushe maganar da aka ce kullum. Abin da ya sa dabarar take yawan aiki ke nan: halittu cike suke da masu saɓa wa 'yan uwansu, shi kuma mai saita tambaya yana buƙatar zaɓi uku da ba mai gardamar cewa kuskure ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauko magana mai kusan gaskiya ya liƙa mata "kullum".

B kuwa ita ce ma'anar sunan kanta. Duk jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ita ake kira da wannan suna, ko wane irin jini ta ɗauka. Babu wadda za ta saɓa, don in ta saɓa ta tashi daga sunan. Inda magana ma'anar abu ce ko dokar lissafi, "kullum" gaskiya ce zalla. Kusurwoyin alwatika a kan takarda kullum digiri 180 suke tashi, ba yawanci ba.

C da kika ɗauka kuma, marufan nan na jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ne. Kalmar "yawanci" ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

Maman Hanifa: Ni dai masu lesin ɗin nan sun ishe ni. Na biya wa ɗana kuɗin wata uku, rabin lokacin malamin ba ya zuwa, in ya zo sai "sirrin cin jarrabawa" ba karatu ba. Da na je karɓar ragowar kuɗina aka ce mai wurin ya yi tafiya. Allah ya isa.

Baffan Zariya: Ai mu a zamaninmu ma ana wannan maganar, wai kullum ka zaɓi C in ba ka sani ba. Ba gaskiya ba ce, kwamfuta juya zaɓin take yi.

'Yar Gwale: Baffa, ba wannan nake tambaya ba. Malam, na gode, amma ni fa ba wai ban yi karatu ba ne. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan kowace ɗaya. Yaushe zan tsaya ina tunanin ma'ana ce ko hali ne? Kuma malamin namu yana ƙoƙari, ɗalibansa suna ci.

Malamin Bayoloji: Ban ce ba ki karatu ba. Abin da nake so ki yi bai kai daƙiƙa goma ba. In kin ga kalmar, kada ki soke, ki tambayi kanki: na san misali ɗaya da ya saɓa? In ya faɗo miki, soke. In kin laluba ba ki samu ba, kuma maganar irin wadda ake rubutawa a farkon babi ce a matsayin ma'ana, bar ta a cikin masu takara. Kuma duk sa'ad da kika ga zaɓi biyu masu "kullum" suna magana a kan abu ɗaya kamar A da B ɗin nan, ki yi zargin mai tambayar ya san dabarar malaminku, kuma yana gwada wanda ya bambance su ne.

Akwai wani ramin da ya fi wannan cin yara: tambayar da ke da "NOT" ko "EXCEPT". A nan ƙaryar ake nema. Da an ce wanne ne ba gaskiya ba, aka haɗa A da wasu maganganu uku na gaskiya, ita ce amsar. Mai soke "kullum" ido rufe ya soke makinsa da hannunsa.

Ɗan Tudun Wada: Malam, da girmanka, wannan shawarar ta wanda ya san karatun ce. Wanda bai san jijiyar huhu ba ta ina misalin zai faɗo masa? Tun da ba a rage maki in an faɗi tambaya, gara ta soke mai "always" ta canki ɗaya cikin sauran.

Malamin Bayoloji: A tambayar da ba ta san komai a kanta ba, kuma lokaci ya ƙure, na yarda, ta fi barin wurin babu amsa. Amma ban da Lissafi, da dokokin Fizik. Ita kuwa a matsayin matakin farko take amfani da ita, har a abin da ta karanta. Na tabbata ta san B.

'Yar Gwale: Na san ta mana, amma an ce mana kar mu yarda da zaɓin da ya yi sauƙi da yawa. Ni yanzu in na canza salo saura 'yan makonni, tsoro nake in ƙara rikicewa. A Turanci fa dabarar tana yi mini aiki sosai a tambayoyin fahimtar labari.

Maman Hanifa: Wane lesin kike zuwa ne? Kar dai a ce wurin da ɗana ya je ne.

'Yar Gwale: Zan yi miki magana ta gefe, Mama. Malam, to ita "only" fa, ita ma haka take? Akwai ta a tambaya biyu na Kemistiri da na faɗi.