Kuɗin ɗinkin shifon mai shafi: ina nake kuskure?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 2 da fara karɓar ɗinki, kuma kuɗi ɗaya nake caji a doguwar riga ko da wane yadi ne, sai dai in ƙara kwata idan salon ya yi wuya. Wata ta kawo shifon, tana son riga mai shafi da faɗin ƙasa, cikin kwana 3. Dama 'yar uwar maƙwabciyata ce, ita ta haɗa mu, shi ya sa ban ja ba. Ta zo gwaji sau 3, a na biyu ta canza hannu. Na ajiye ɗinkin mutum 2 saboda ita. Da na lissafa ban ga abin da na samu ba. Yaya kuke yanke kuɗi?

Baba Tela: Wa alaikumus salam 'yata. Riga kike yi wa kuɗi, alhali lokacinki kike sayarwa. Fara da fitar da kuɗin awarki. Haɗa abin da kike kashewa a wata, haya, wuta, gyaran keke, allura da mai, ki ɗora albashin da kike son ɗauka, ki raba da awannin da hannunki ke kan aiki da gaske. Wanda ke zama awa 8 a shago, in ya cire karɓar baƙi da sayo kaya, sau da yawa awa 5 ke rage masa. Kwana 26 sau 5, awa 130 ke nan. Da shi za ki raba, ba da 208 ba.

Yanzu rigar taki. Ta auduga marar ado a ce awa 4. Shifon yana zamewa, dole a shimfiɗa shi kan takarda a yanka falle ɗaya, awa 1 da rabi ta tafi. Bakinsa na zarewa kuma ana hango cikinsa, don haka kowace gaɓa sau biyu ake ɗinka ta a ɓoye bakin, awa 4. Shafi riga ce ta biyu, awa 2. Zif, wuya da hannu awa 1 da rabi, siririyar kalmasa awa 1, awo da guga awa 1. Awa 11. Ke kuma kin karɓi kuɗin awa 5.

Maman Biyu: Wannan lissafin ya yi tsawo Baba. A duba tsadar yadin kawai, mai tsada a caji da yawa, mai araha a sassauta.

Baba Tela: Akwai shifon mai araha da ya fi auduga mai tsada cin lokaci. Tsadar yadi tana shiga ne ta fuskar kasada, domin in almakashi ya kuskure ke za ki biya. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda wannan ya isa.

Mai tambaya: Amma Baba in na ninka kuɗin kusan sau uku ai guduwa za su yi. Kuma ni ina da sauri, ban kai awa 11 ba.

Anti Mai Ɗinki: Kin duba agogo ne, ƙanwata? Ki rubuta lokacin farawa da na tashi a riga 5 masu zuwa. Batun gwaji kuwa, ki sa guda ɗaya cikin kuɗin ɗinki, biyu in rigar mai kama jiki ce. Kowane ƙari yana cin kusan rabin awa na gwadawa da awa guda na farkewa da mayarwa. In kuskuren awonki ne, kyauta za ki gyara. Canza hannu bayan an yanka sabon aiki ne, a faɗi kuɗinsa kafin a taɓa.

Ɗan Autan Teloli: Ni abin da ke damuna masu barin kaya wata 4 ba su karɓa ba. Ku karɓi rabi kafin almakashi, shi ke nan.

Anti Mai Ɗinki: Ba shi ta tambaya ba. Kuɗin aikin gaggawa kuwa, ƙarin rabi ya wadatar in dare kawai za ki raba.

Baba Tela: Rabi bai isa ba tunda ta ture mutum 2. Ninki ne, ko ta ƙi karɓar aikin. Kuma riga mai faɗin ƙasa sai an rataye ta kwana ɗaya kafin kalmasa, domin inda aka yanka a karkace yana saki ya sauko. In ba a jira ba, bayan sawa ɗaya gefe zai fi gaba tsawo. A kwana 3 da gwaji 3, yaushe aka rataye ta?

Mai tambaya: Ban rataye ba, amma ta karɓa ba ta yi ƙorafi ba. Ninki dai gaskiya ba zan iya faɗa wa wadda aka haɗa mu ba. Jibi za ta kawo wani shifon ɗin, kuma ta riga ta san tsohon kuɗin. In ce mata me?

Maman Biyu: Ki ƙara kaɗan dai ki ga fuskarta.