Haƙoran mataji a bidiyon biki: a faɗaɗa tukuna ko a warware saƙa?

Rabi'u: Salamu alaikum masu aikin bidiyo na Tawa. An kawo kaset ɗin biki na MiniDV, na juye shi a kwamfuta, 720x576. Duk wanda ya motsa sai gefen jikinsa ya yi zane-zane kamar haƙoran mataji. An ce in faɗaɗa shi zuwa 1080 kawai, layukan za su narke. Haka ne?

Idi: Haka ne mana. Faɗaɗawa tana tausasa hoto, layi yana shiga cikin layi. Kuma irin waɗannan kaset in an buɗe su a VLC ba a ma ganin wani zane. Kada ka ƙara wa kanka aiki.

Malam Sule: Idi, VLC ne ke rufa maka asiri. In ya ga fayil na ɗauke da alamar saƙa, shi da kansa yake warware ta lokacin kallo, fayil ɗin kuwa yana nan yadda yake. Kashe wannan a Video > Deinterlace ka sake kallo.

Rabi'u, kyamarar nan ba ta ɗaukar cikakken hoto 25 a sakan ɗaya. Rabi-rabi take ɗauka, sau 50. Rabin farko layi 288 ne, tana ɗaukar layi ta tsallake layi. Bayan kashi ɗaya cikin 50 na sakan sai ta ɗauki layukan da ta tsallake. Tsohuwar tele tana nuna su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin mataji a labaran Tele Sahel na da. Kwamfuta kuwa sai ta saƙa su wuri guda kamar lokaci ɗaya aka ɗauke su.

Ɗauki hannun makaɗi da ya ratsa faɗin hoto cikin sakan ɗaya. Ɗigo 720 raba 50, kusan ɗigo 14 ke nan tsakanin rabin farko da na biyu. Wannan 14 ɗin shi ne tsawon haƙoran da kake gani. Bango da kujera ba su motsa ba, don haka suna nan sumul.

Idi: To ai shi ne nake cewa, Malam. In aka buɗa hoton sai su gauraye.

Malam Sule: Za su gauraye, kuma a nan ɓarnar take. Daga 576 zuwa 1080, kowane layi 8 zai koma 15. Bai ninka daidai ba. Wani sabon layi zai fito kusan duka daga rabin farko, na ƙasa da shi daga na biyu, wani kuma haɗin biyun ne. Haƙoran ba su tafi ba, kauri suka yi, suka zama igiya-igiya a gefen mayafin amarya duk sanda ta juya kai. Kuma mai warware saƙa abin da ya sani shi ne layi ɗaya nasa, layi ɗaya na ɗan uwansa. In ka dama fura da nono, wa zai raba maka su? Ga shi sabon fayil ya fito ba alamar saƙa, VLC ma ba zai taimake ka ba.

Hajiya Zali: Malam, ni ma kaset ɗin VHS na sunan ɗiyata yana da layi a can ƙasa, yana rawa tun daga farko har ƙarshe. Wannan maganin zai yi masa?

Malam Sule: Hajiya, naki ciwo daban ne. Wannan daga kawunan na'urar kaset yake, wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki. Tsohuwar tele tana ɓoye shi a bayan gefenta. Rufe shi ake yi da baƙi, layi 8 zuwa 12 na ƙasa. Amma in ana motsi kina ganin zane a jikin mutane, to kaset ɗin yana buƙatar wannan aikin shi ma.

Rabi'u: Malam, a ba ni matakin.

Malam Sule: Fara da tambayar fayil ɗin wane rabi ne ke gaba:

```
ffmpeg -i biki.avi -vf idet -frames:v 500 -an -f null -
```

A ƙarshe zai ƙirga maka TFF da BFF da Progressive. MiniDV kusan kullum BFF ne, na ƙasa ke gaba. Abin da aka juye daga VHS ta ƴar na'urar USB galibi TFF yake fitowa, na sama ke gaba, amma a duba, kada a ɗauka. In farkon kaset allon suna ne marar motsi, lissafin ba zai gaya maka komai ba, sai ka zaɓi wurin rawa. Sannan:

```
ffmpeg -i biki.avi -vf "bwdif=mode=send_field:parity=bff,scale=1440:1080:flags=lanczos,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac biki50.mp4
```

Lura da jerin: bwdif mai warware saƙa a gaba, scale mai faɗaɗawa a baya. Kowane rabi zai zama cikakken hoto, ka samu 50 a sakan. 1440 kuma don hoton 4:3 ne. In ka sa 1920, ango zai yi ƙiba ba tare da ya ci komai ba.

In ka kuskure ka sa tff inda ya kamata bff, mataji zai tafi amma motsi zai riƙa karkarwa, gaba-baya, gaba-baya. Buɗe a VLC, ka riƙa danna E hoto bayan hoto a inda wani ke tafiya. In ƙafarsa ta yi gaba ta komo kaɗan, to jerin ya juye.

Nasiru: Duk wannan doguwar hanya ce. A zubar da rabi ɗaya kawai, mataji ya tafi nan take, na'ura ba ta wahala.

Malam Sule: Ya tafi, ƙanena, tare da rabin hoton. Layi 288 za ka miƙe zuwa 1080, kusan ninki huɗu. Bakin rumfa da igiyar tanti, duk abin da ya karkata, zai fito kamar matakalar bene, aikin allura na babbar riga kuma ya dushe. Wanda ke gauraya rabin biyu shi ma ba shi da kyau: hannu ɗaya sai ya fito da inuwarsa a gefe.

Hadiza: Wuri ɗaya Idi yana da gaskiya. Ba kowane abin da aka naɗa daga tele ke da saƙa ba. Fim ɗin da aka ɗauka cikakken hoto, aka watsa shi 25 a sakan, rabinsa biyu lokaci ɗaya suke. In idet ya ce Progressive ne ya rinjaya, ido ma bai ga mataji ba, a faɗaɗa kai tsaye. Warwarewa a nan tausasa hoto kawai za ta yi.

Idi: Kun gani ko? Kuma 50 ɗin nan ban yarda da shi ba. Mai biki a waya zai kalla, ta WhatsApp, a matse. A sa send_frame maimakon send_field ya ba da 25, fayil ya fi sauƙi.

Hadiza: Nauyin ba ya ninkawa, don hotunan da ke jere kusan iri ɗaya ne. Kuma rawa a 25 tana fizga, musamman in mai kyamara yana juyawa da sauri. A ajiye na 50, a cire na waya daga jikinsa.

Idi: Aiki biyu a kuɗin aiki ɗaya, ga wuta na ɗaukewa. Ku kuka sani.

Rabi'u: Akwai wani kaset da aka riga aka faɗaɗa bara, mai shi ya karɓi abinsa, fayil na farko kuma an goge. Akwai dabara?

Hadiza: Gwada mayar da tsayin zuwa 576 daidai, ka ga ko layukan za su koma wurinsu. In ba a yanke gefen hoton ba, wani lokaci ana samun sauƙi.

Malam Sule: Sauƙi kaɗan, in an yi sa'a. An faɗaɗa, an matse, layukan sun riga sun ci juna. Rabi'u, kana da lambar mai kaset ɗin?