Sunaye 40 don wasan waya: wa ya taɓa ƙirƙirar kalma ta zauna a bakin mutane?

Ɗan Wasanni: Assalamu alaikum. Wasa ne na waya, na yaƙin masarautu, ana buƙatar sunayen garuruwa 25 da na jarumai 15, kuma ba a so a ɗauki sunan wani gari ko wata ƙabila ta gaske. Dabarar da aka fara da ita ita ce a zubo haruffa a haɗa yadda suka faɗo, sai ga irin su Trkazv da Oeplim, waɗanda ba mai iya kiransu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki, ko don wasa ko don sunan kaya, ya faɗa mana ƙa'idar da ta yi masa aiki da kuma inda ta ba shi kunya.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuskuren tun daga tushe yake: ana gina kalma da gaɓa, kai kuma harafi ka zubo. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai. Baƙi da wasali, kamar ka. Baƙi da dogon wasali ko tagwai, kamar kai da kau. Sai baƙi, wasali, baƙi, kamar kan ko kar. Baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa, shi ya sa bakinmu ya mai da burodi da sukurudireba yadda suke a yau. Duk abin da ka haɗa daga waɗannan ukun zai faɗu.

Amma faɗuwa daban, zama suna daban. Ƙarshen kalma nan ne ake yin sakaci. Galibin sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa. In ka rufe kalma da baƙi, kunne zai ji ta kamar su tsaf, fat, kaf, wur, wato kalmomin da ke kwaikwayon yanayin abu. Ka sa wa jarumi suna Zagat, mutane za su ji kamar ƙarar faɗuwar wani abu ne. Ka ce Zagatu, ya zama mutum.

Mai Kwamfuta: Malam ya ba da ƙa'ida, ga lissafinta. Ɗauki baƙaƙe 12 da wasula uku, a, i, u. Gaɓa 36 ke nan. Kalma mai gaɓa biyu za ta ba ka 1,296, mai gaɓa uku 46,656. Kada ka tsaya a gaɓa biyu, domin Hausa ta riga ta cinye wannan fili: za ka yi ta samun gida, kura, rana, tuta, ka ɗauka ƙirƙira kake yi. A gaɓa uku ne ake samun sarari. Ga ɗan injin da zai haɗa maka su:

```python
import random
B = "bdgjklmnrstz"
W = "aaaiiuu"
def kalma():
    g = [random.choice(B) + random.choice(W) for _ in range(3)]
    if random.random() < 0.3:
        g[0] += random.choice("nrl")
    return "".join(g).replace("nb", "mb")
```

An maimaita wasalin a sau uku da gangan, don ita ce ta fi yawa a bakin Bahaushe. In ka ba kowane wasali rabo ɗaya, kalmomin za su fito da ɗanɗanon wani harshe. Kusan kalma uku cikin goma kuma ana rufe gaɓarsu ta farko da n ko r ko l. Fitar da 300, ka zauna da biro ka tace. Tacewar ita ce aikin, domin a cikin 300 ɗin da wuya ka so fiye da 40.

Baban Yara: Ni dai ban ga abin wahala ba. Ai zaurance ne. Ka ɗauki Kano ka saka d bayan kowace gaɓa ka maimaita wasalinta, Kadanodo, shi ke nan ka sami sabon gari.

Mai Kwamfuta: Baba, zaurance ɓoye kalma yake yi, kuma duk yarinyar da ta iya shi za ta warware maka a numfashi ɗaya ta ce Kano ce. Shi kuwa so yake kada a gano kowane gari a ciki. Ga shi sunayen duk za su yi kama da juna, tunda rabin gaɓoɓinsu d ne.

Injiniya: Ni shawarata a cire gaɓa mai rufi ɗungurungum. Baƙi da wasali kawai, sau uku, ba ta taɓa ba da matsala. Ita wannan rufewar ce ke haifo irin su Kanrima da Dalruzu da ke sarƙe harshe.

Malamin Nahawu: Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce. Haɗuwar nr, nl da lr ba ta da daɗi, a share duk kalmar da ta zo da su. Amma in aka cire rufi baki ɗaya, sunaye 40 za su zama Kamita, Sakuna, Tamiru, Nakuza, duk tafiya ɗaya kamar dakan mutum guda, mai wasa ya kasa tuna wane gari ya ci da yaƙi. Gwada Zakumi da Zalkumi a bakinka. Na biyun yana da nauyi a gaba, yana da inda murya za ta tsaya. Hausa tana rayuwa ne da cakuɗa gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ko mawaƙa da ita suke auna baiti. Baƙaƙen da za a rufe da su ne za a zaɓa: n, m, r, l, s sun fi lafiya, sai kuma ninka baƙin da ke gaba, kamar Zakkumi. Kuma kada a sa dogon wasali ko tagwai a gaɓar da aka rufe. Kain da kaur ba gaɓar Hausa ba ne.

Wani abu da injin bai sani ba: muna da ɗabi'ar sauya t, s, z, d idan i ko e ta biyo. Shi ya sa sata ta koma sace, gida ya koma gidaje, kaza ta koma kaji. Ba wai ti da si haramun ba ne, ga tilas ga siminti. Amma in suka yi yawa, musamman a ƙarshen kalma, sunan zai yi ƙamshin aro. Gurmati baƙo ne, Gurmaci ɗan gida. Wannan ma makami ne: masarautar abokan gaba a bar mata ti da si, ta gida a ba ta ci da shi.

Hajiya Mai Sabulu: Malam, ku ƙara da maganar jinsi, don a sunan kaya ita ce ke fara bayyana. Kalma in ta ƙare da a, masu saye za su ce ta, ko da kuwa sabulu ne. An san akwai gida da ruwa da nama da suka saɓa, amma sabuwar kalma ba ta da wannan gata. Gwajin da ake yi shi ne a saka sunan a maganar kasuwa: "ba ni Lumaza biyu", "Lumazar nan ta ƙare", "kuɗin Lumazar nawa?" Idan ya ƙare da baƙi dole sai an jingina masa ɗin, kuma nan da wata guda masu shago za su liƙa masa wasali da kansu ko su yanke shi. A kaya kuma ina ja da Mai Kwamfuta kan gaɓa uku. Dubi Omo, gaɓa biyu ne, har ya zama sunan kowane garin wanki. Yaron da aka aika ba ya mance gajeren suna.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Kada a sa ƙ, ɗ, ɓ a sunan da za a buga a leda ko a nema a waya. Mai buga takarda zai ce salon rubutun da ka zaɓa ba shi da su, ya sa k ya wuce, mai nema a waya shi ma k zai danna. Ƙura ta koma kura ke nan.

Mai Kwamfuta: Hajiya, na yarda a kaya, tunda suna ɗaya kike nema. Shi 40 yake nema. Sannan ga abin da ya fi kowanne haɗari: injin ba shi da kunya. Da waɗannan baƙaƙe 12 zai iya fitar da Kantusa, kuma akwai waɗanda suka fi wannan muni da ba za a rubuta ba. Ana yin jerin munanan kalmomi a hana duk sunan da ya ƙunshe su a ciki, ba wanda ya yi daidai da su kaɗai ba. Illar hakan ita ce zai kashe marasa laifi, don ko tambura ba za ta tsira ba saboda abin da ke wutsiyarta. A sunan ƙirƙira wannan asara ce mai sauƙi. Jerin dai ba ya wadatarwa, sai an karanta wa samari biyu ko uku a ga inda suka yi murmushi.

Na Maraɗi: In wasan zai ƙetaro wajenmu, a kula da f. Abin da Bakano ya rubuta fura, mu hura muke cewa, to Fuzari zai zama Huzari a bakinmu, suna ɗaya ya rabu biyu. Haka c: wanda ya yi boko da Faransanci ko Turanci kaɗai zai karanta Cakuma da k. Gurmaci ɗin Malam ma zai sha wannan. Harafin 'y kuwa mu ƴ muke rubutawa, gara a bar shi. P da v kada ma a fara.

Malamin Nahawu: Na karɓi gyara kan c, a ajiye shi ga wasan da Hausa zalla aka rubuta shi. Ƙanena, ga yadda za ka raba 40 ɗinka. Gaɓa biyu na farko ka bar wa injin, ta ƙarshe ka sa da hannu, domin ita ce ke gaya wa Bahaushe ko mene ne abin. Ɗauki Zalku. Zalkawa gari ne ko mutanensa, kamar Tsanyawa. Zalkau namiji ne, ɗan'uwan Jatau da Tunau. Zalkatu mace ce. Bazalke mutumin can ne. Saiwa guda ta ba ka masarauta da jama'arta, ba ka yi wa mai wasa bayanin komai ba. Don haka kuma ka kiyayi gaɓar ba da gaɓar ma a farkon suna in ba da niyya ba, kunne zai ɗauka asali ko sana'a kake nufi. Kada garuruwa biyu su fara da gaɓa ɗaya.

Batun sauti da siffa ma yana aiki. Tun 1929 Wolfgang Köhler ya nuna mutane na haɗa takete da zane mai tsini, baluma da mai lanƙwasa. Daga baya aka mai da ta biyun maluma, wadda a wajenmu jam'in malam ce, ka ga darasin Mai Kwamfuta ke nan. Mugun sarki a ba shi k, t, z. Sabulun Hajiya l, m, n.

Ɗan Wasanni: Na gode. Saura karin sauti da tsawon wasali, tunda ba a rubuta su. An ba mutum biyar Zalkumi a takarda, uku sun karanta shi da karin raƙumi, biyu sun ja u ɗin. A ninka wasali a rubutu ne?

Injiniya: A ninka. Zalkuumi, magana ta ƙare.

Hajiya Mai Sabulu: Kada ka ninka, ɗana. Ba a saba gani ba, za a ce kuskuren bugu ne, kuma tsawo kaɗai zai nuna, karin yana nan yadda yake. Ka bi ukun nan. Mutane suna ɗora sabuwar kalma a kan karin wadda ta yi kama da ita, ba ka iya hana su. A sa murya ta kira sunan sau ɗaya a farkon wasan, kamar yadda tallan rediyo ke yi wa kaya. Wanda aka rabu biyu da biyu da ɗaya a kansa, shi ne na zubarwa.

Injiniya: Wasan da ba shi da murya fa, Hajiya? Ni har yanzu ina kan ninkawa, ko da a sunayen jarumai 15 ɗin ne kawai.