Na gyara hoton amarya, ta ce ba ita ba ce

Sabon Mai Hoto: Salamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, jiya ko runtsawa ban yi ba. Wata bakwai ke nan da na fara ɗaukar hoton biki, kyamarar ma ta yayana ce, shi ya koma sayar da waya. Ran Asabar na ɗauki dina, amarya baƙa kyakkyawa cikin farin leshi. Fuskarta ta fito da duhu, sai na shiga Lightroom, manhajar gyaran hoto, na ja Luminance na Orange, wato hasken launin ruwan lemo, zuwa +60. Uwar ango ta yaba, ita kuwa amarya ta kira ni tana kuka, ta ce ba ita ba ce. Ta hana ni cikon kuɗina. Ina laifina?

Baban Situdiyo: Yaro, bilicin ka yi mata. Farin leshi ne ya ruɗi kyamararka, ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuska ta nutse. Maganinsa ka ɗaga Exposure, kamar +0.7 zuwa +1, hoton gaba ɗaya ya tashi, sannan ka sauke Highlights don aikin leshin kada ya ɓace. In fitilun wurin sun sa leshin ya yi rawaya, gyara Temp har ya koma fari. Wannan hasken ɗaki ka gyara. Orange ɗin da ka ja kuwa a fatar mutum yake zaune, ita ka taɓa.

Maman Biyu: Ni haka aka yi mini a hoton suna. Ƙanwar mijina ta riƙe hoton tana cewa "da ma haka kike." Shekara shida ban manta ba. Tun muna yara ake ce mana farar mace alkyabbar mata, ga mai ana ta shafawa, yanzu har mai hoton da ka biya ya taya su.

Ɗan Kwalisa: Kai dai ka rage Orange ɗin zuwa +30, kowa ya samu. Ai duk ƙara haske ne.

Baban Situdiyo: Ba ɗaya ba ne. Koma kan asalin hoton ka ɗaga Exposure kaɗai, ka ajiye shi gefen naka. A na farko za ka ga baƙinta da sheƙi da ɗan ja a kumatu. A naka ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, alhali baƙar hular ango tana nan yadda take.

Sabon Mai Hoto: Baba, na gwada, gaskiya ta fi kama da kanta. Amma amare huɗu kafin ita da bakinsu suka ce in haska su. Ni neman abinci nake.

Maman Biyu: Su suka ce. Ita ka tambaye ta?

Sabon Mai Hoto: Hajiya, ban tambaya ba. To yanzu uwar ango ta riga ta kai nawa an buga a babban firem, wa zan bi?