Bayanin hoto da jadawali ya tsaya da ƙafarsa

A wata tattaunawa da ɗaliban aikin gona a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, malamai sun ce mai karatu yakan fara duba hotuna kafin rubutu. Don haka "Hoto na 2: Sakamako" bai wadatar ba. Ɗalibai su faɗi abin da aka auna, a ina, yaushe, da wane ma'auni: "Amfanin gero, kilo a kowace eka, gonakin Tahoua, daminar 2021, jan layi gonakin da aka sa taki." Wata malama ta ƙara cewa duk gajartaccen suna a fassara shi nan take, ko da an fassara a baya. Bayanin jadawali a sama, na hoto a ƙasa. Gwajinsu kuwa: a ba abokin da bai karanta aikin ba hoton da bayaninsa, ya faɗi abin da ya gane.