Gaɓar da ba ta ɗauke da komai: wane suna za mu ba ta?

Bashir: Salamu alaikum. Ina rubuta darasi da Hausa a kan jerin bayanai da ake ƙullawa kamar sarƙa, wanda kowace gaɓa a cikinsa ta san ta gabanta ta kuma san ta bayanta. Na kira shi sarƙa mai kai-da-komo, ba wanda ya yi gardama. Inda na cije shi ne gaɓoɓin nan biyu da ake ajiyewa a farko da ƙarshe, waɗanda ba sa ɗauke da bayani, ake rubuta su `sentinel`. Na sa "mai gadi", amma raina bai kwanta ba. Ko akwai mai shawara?

Nura: Wa alaikumus salam. Mai gadi ai ya yi, Yaya Bashir. Ma'anar kalmar ke nan, sojan da ke tsaye a ƙofa. Kuma aikinsa ke nan, kana ta karɓar lambobi har sai an shigar da `-1` ka tsaya. Ya tare hanya, ya yi gadi.

Malama Hadiza: Nura, wanda kake faɗa ɗan'uwansa ne, ba shi ba ne. Naka lamba ce da ake kafawa don zagaye ya san inda zai tsaya. Na Bashir gaɓa ce sukutum, da manuninta biyu, `prev` da `next`, sai dai cikinta fanko.

Kafin mu raɗa suna, mu duba abin da take yi. Idan babu ita, duk sanda za ka saka sabuwar gaɓa sai ka tambaya: sarƙar babu komai ne? A farko zan saka? A ƙarshe ne? Kowace amsa da nata layukan, domin ta farko ba ta da na baya, ta ƙarshe ba ta da na gaba. Da ka kafa gaɓoɓin nan biyu, `head` a farko da `tail` a ƙarshe, tun ranar da aka ƙirƙiri sarƙar, kowace gaɓa ta gaske ta samu maƙwabci dama da hagu. Tambayoyin nan duk sun faɗi:

```python
def saka(a, x):
    b = a.next
    x.prev = a
    x.next = b
    a.next = x
    b.prev = x

def cire(x):
    x.prev.next = x.next
    x.next.prev = x.prev
```

Babu `if` ko ɗaya. Sakawa a farko `saka(head, x)` ne, a ƙarshe kuma `saka(tail.prev, x)`. Ka ɗauki sarƙa da babu komai: `head.next` yana nuna `tail`, `tail.prev` yana nuna `head`. Ka saka 7 a ƙarshe. To `tail.prev` ai `head` ne, sai 7 ta shiga tsakaninsu. Ka saka 3 a farko, ta shiga tsakanin `head` da 7. Yanzu ka cire 7, wadda ita ce ta ƙarshe: 3 ta koma nuna `tail`, `tail` ya koma nuna 3, layi biyu an gama. Ku faɗa mini, a ina aka yi gadi a nan? Ba ta hana kowa wucewa ba. Tsayawa kawai ta yi don a samu abin ɗaurawa. Ni turke nake ce mata a aji, turken farko da turken ƙarshe.

Bashir: Turke! Malama, wannan ya shige ni. Ana kafa shi sau ɗaya, ba ya motsi, a jikinsa ake ɗauri, kuma in ana ƙidayar abin da aka ɗaure ba a haɗawa da shi.

Nura: Na yarda na haɗa abu biyu. Amma ban saki mai gadi gaba ɗaya ba. In ana bin sarƙar ai `while x is not tail` ake rubutawa, shi ke tsayar da tafiyar. Kuma yaro in ya je karanta littafin Turanci, mai gadi zai fi saurin kai shi ga kalmar asali.

Malama Hadiza: Maganarka ta biyu tana da nauyi. Ta farkon ce ban karɓa ba, domin ko babu turke `None` yana tsayar da tafiya. Ba don wannan aka kawo shi ba.

Sadiya: Ni abin da ya same ni ma hujja ne a kan mai gadin. Na yi layin jiran aiki da irin wannan sarƙar, ina cire na farko da `cire(head.next)`. Na ji an ce babu sauran dube-dube, sai ban duba komai ba. Ranar da layin ya ƙare, `head.next` ya zama `tail` ɗin kansa. Layin farko na `cire` ya mayar da `head.next` ya zama `None`, na biyu ya fashe da `AttributeError`. Abin haushin, na kama kuskuren na ci gaba da aiki, alhali sarƙar ta riga ta tsinke tun a layin farko. Na kwana biyu ina neman matsalar a wajen sakawa, don can take sake fashewa. Da mai gadi ne da ya tare ni. Turke kuwa, na tumɓuke shi da hannuna bai ce uffan ba.

Malama Hadiza: Sannu, ƙanwata. Duba ɗaya ba ya faɗuwa: kafin a cire daga baki, a tabbatar `head.next is not tail`. Ke ma kin yi sa'a taki ta yi ƙara. Akwai masu kafa turke ɗaya tak su lanƙwasa sarƙar ta zama zobe, farko da ƙarshe duk a jikinsa. Haka `list_head` na Linux yake. A can in kika cire turken daga zoben da babu komai, yana nuna kansa ne gaba da baya, don haka layukan biyu za su wuce lami lafiya. Babu fashewa, sai dai ki karɓi fanko a matsayin bayani, ƙidayarki ta sauka zuwa `-1`.

Injiniya Sani: Ina goyon bayan turke, kuma ya dace da zoben ma, turke ɗaya igiya ta zagayo. Sai dai Bashir, ka faɗa wa ɗalibai ba kyauta ba ne. A na'ura mai bit 64 manuni ɗaya bayit 8 ne, turke ɗaya aƙalla 16, biyu 32. A doguwar sarƙa ɗaya wannan ba komai ba ne. In kana da ƙananan sarƙoƙi miliyan ɗaya, galibinsu fanko, bayit miliyan 32 sun tafi a turaku kawai. Irin wannan lissafin ne ya sa Linux ke da `hlist_head` mai manuni ɗaya don teburan da ke da ramuka masu yawa. `LinkedList` na Java ma da turke yake a Java 6, a Java 7 aka koma `first` da `last` da duban `null`.

Ƙorafina a kan "gaɓa" ne. Wasu mutanenmu ba su da ɓ a allon wayarsu. "Gaɓar gaba" za ta koma "gabar gaba", a darasin da kowane layi maganar gaba da baya yake yi. Me zai hana ƙulli?

Sadiya: Shi ma ƙ ne da shi, Injiniya.

Injiniya Sani: Amma in ƙugiyar ta faɗi, "kulli" ba ya karo da wata kalma a darasin.

Malama Hadiza: Ƙulli a igiya yake, sarƙa gaɓa gare ta. In ka canja ɗaya sai ka canja ɗayan, kuma "igiya mai kai-da-komo" ba ta yi mini daɗin ji ba.

Bashir: To, na rubuta turke, turken farko da turken ƙarshe. Saboda maganar Nura, a karon farko zan nuna yadda ake rubuta kalmar asali a kod. Gaɓa da ƙulli kuwa zan buga shafi ɗaya da kowanne, ba tare da ƙugiya ba, in ba ɗalibai su karanta da ƙarfi in ji inda harshe zai sarƙe. Malama, zan turo miki shafukan kafin Asabar.