Wace kalma za mu ba wa `excess-3`?

Malam Bello, Mabera: Jama'a, ina haɗa wa ɗalibaina darasi da Hausa kan da'irar da ke juya BCD, wato tsarin rubuta lambobi 0 zuwa 9 da 0 da 1 guda huɗu, zuwa `excess-3`. Aikin kansa ba wuya, kowace lamba daga 0 zuwa 9 a ɗora mata uku. Sunan ne ya tsaya mini. Na rubuta "rarar uku", amma raina bai kwanta ba.

Nasiru: Malam, ai ragowa ce, kamar in an raba da uku abin da ya saura.

Injiniya Hadiza: A'a Nasiru, babu rabawa a nan. Duba, ABCD ne ke shiga, WXYZ ke fita:

```
ABCD  WXYZ
0000  0011
0100  0111
0101  1000
1001  1100
```

Sifili ya koma 3, tara ta koma 12. Shi ya sa ni ma ban son "rara", don rara abin da ya yi saura ne bayan an biya buƙata. Nan ɗorawa aka yi da gangan. Ni "ɗoriyar uku" zan ce, yadda muke cewa ashirin da ɗoriya.

Alu Runjin Sambo: To mi ya hana "gyaran uku"? In ka sayi albasa a kasuwa, abin da mai kaya ya ƙara maka ai gyara muke ce mishi.

Malam Bello: Alu, ka ba ni dariya, kuma ta zauna. Sai dai yaro zai ɗauka da'irar ce ta lalace ake gyarawa.

Injiniya Hadiza: Malam, akwai wadda ta fi wannan buƙatar suna. Wayoyi huɗu suna ba da layi 16, BCD kuwa goma take amfani da su. Shidan da suka rage, 1010 zuwa 1111, ana sa musu alamar X a taswirar Karnaugh, teburin da ake taƙaita lissafin da'ira da shi, ka ɗauke su 1 ko 0 yadda zai faɗaɗa maka rukuni. Da su ne lissafin ke taƙaituwa haka, inda + ke nufin "ko", BC ke nufin B da C, B' kuma kishiyar B:

```
W = A + BC + BD
X = B'C + B'D + BC'D'
Y = CD + C'D'
Z = D'
```

Da ba don su ba, W ba za ta samu A ita kaɗai ba. Ni "ko-oho" nake kiransu.

Nasiru: Anti, na haɗa tawa a allo, na sa mata 1101 ta ba ni 1000. Na kwana ina canza waya.

Injiniya Hadiza: Wayarka lafiya lau. Ka ba ta 13, wadda ba BCD ba ce, sai ta amsa maka da amsar 5. Ko-oho ɗin ke nan. Gwada 0101: BD ya zama 1, W ta kunna, sauran ukun su mutu.

Malam Bello: Ko-oho ta shiga darasi yau. Ɗoriya da gyara kuwa zan kai wa 'yan aji ranar Litinin in ji wadda bakinsu ya kama.

Alu Runjin Sambo: Gyara za su ɗauka, Malam, ka rubuta ka aje.